Matatar Sauti Mai Hawa Biyu: Yadda Ake Gano Ninkinta da Inda Take Yankewa

Babbar lasifikar da ke bugun ƙirji a wajen biki, wadda masu sana'ar ke kira wufa, ba don ta rera waƙa aka yi ta ba. Aikinta shi ne sautin ƙasa-ƙasa, irin rugugin babbar ganga. Idan aka tura mata komai da komai, har muryar mawaƙi da ƙarar algaita, sai sautin ya dagule, a kuma yi asarar wuta a kan abin da ƙananan lasifikoki suka fi ta iyawa. Shi ya sa ake sa wata 'yar da'ira a gaban amfilifayarta, wadda ke barin sautin ƙasa ya wuce, ta danne na sama. Wannan ita ce matatar da za mu kwance a nan. Kayanta ba su da yawa: rizisto huɗu, kafasito biyu, da ƙaramin aisi guda mai ƙafa takwas. Tambayoyi biyu ake yi mata. Sau nawa take ninka abin da ya wuce ta cikinta, kuma daga ina take fara yankewa? Littattafan makaranta kan ba kowace tambaya lissafinta daban, har ɗalibi ya ɗauka babu ruwan wannan da waccan. A wannan da'irar kuwa a ɗaure suke da juna, kuma galibin matsalar da masu haɗa ta ke fuskanta daga rashin sanin haka take.

Sauti kaɗawa ne, kuma yawan kaɗawarsa a cikin daƙiƙa guda shi ake kira mita, ana rubuta ma'auninsa da Hz. Kunnen matashi mai lafiya na ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Wufa kuwa yankinta bai cika wuce 100 Hz da 'yan kai ba. A cikin waya, sautin nan boltej ne mai hawa da sauka daidai da kaɗawar, saboda haka abin da ake bukata shi ne wani abu da ke bambance boltej mai saurin juyawa da mai jinkiri. Kafasito ne ke da wannan hali. Yana turje wa wuta mai jinkirin juyawa, yana sakar wa mai sauri hanya. Ɗauki kafasito na 100 nF, wanda za ka ga an buga 104 a jikinsa. A 20 Hz turjiyarsa ta kai kusan 80 kΩ, a 106 Hz ta sauko 15 kΩ, a 1,000 Hz kuwa ba ta wuce 1.6 kΩ ba. To, idan sigina ta bi ta cikin rizisto, sannan aka sa wannan kafasito daga bayan rizisto zuwa layin ƙasa, sautin sama zai tarar da ƙofa a buɗe ya zurare ƙasa, na ƙasa-ƙasa kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Wannan matata ce mai hawa ɗaya.

Aibinta shi ne sanyin hannu. Bayan an wuce wurin yankewa, duk lokacin da mita ta ninka sau biyu, rabi kawai take ragewa. Idan ta fara yankewa a 100 Hz, sautin 1,000 Hz zai fito da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, kuma wannan ya isa a ji muryar mutum tana fita daga wufa. Mai hawa biyu tana rage kashi uku cikin huɗu duk sanda mita ta ninka biyu, a ninki goma kuwa kashi ɗaya cikin ɗari take bari. Masu lissafi da desibel suna kiran wannan gangarar 12 dB a kowane ninki biyu, ko 40 dB a kowane ninki goma.

Wanda ya ji haka zai ce ai da sauƙi, a jera masu hawa ɗaya guda biyu, wannan a bayan wannan. Ana iya yi, amma ta biyun tana jan wuta daga ta farkon, sai su nauyaya wa juna. Idan ka jera rizisto 15 kΩ da kafasito 100 nF sau biyu, lissafin kowane hawa yana nuna 106 Hz, amma abin da za ka auna shi ne sigina ta riga ta faɗi tun wajen 40 Hz. Ka ga ta cinye rabin sautin da aka yi ta domin ta kare. Tsohuwar hanyar gyara wannan ita ce a sa koyil, to amma koyil ɗin da zai yi aiki da 100 nF a 106 Hz sai ya kai henri 22 da rabi, wato tulin waya a kan ƙarfe, mai nauyi, mai tsada, mai kwaso gurnanin wutar gida. A 1955 wasu injiniyoyi biyu na ɗakin bincike na Lincoln da ke ƙarƙashin MIT a Amurka, R. P. Sallen da E. L. Key, suka wallafa hanyar da za a samu irin wannan kaifi ba tare da koyil ba, ta amfani da amfilifaya. A zamaninsu da bawul ake yi. Yau ana yi da ofam, wato ƙaramin aisin nan mai ƙara ƙarfin sigina, irin su 741 da kamfanin Fairchild ya fitar a 1968, ko TL072 da NE5532 da aka fi so a kayan sauti. Har yanzu da sunan mutanen nan biyu ake kiran da'irar.

Ga yadda take. Ofam yana da mashiga biyu, mai alamar + da mai alamar −, da mafita guda. Sigina tana shigowa ta rizisto na farko, R1, ta wuce ta na biyu, R2, ta isa mashigar +. Daga mashigar + ɗin akwai kafasito, C2, da ya sauka layin ƙasa. Ɗaya kafasiton, C1, yana kama mahaɗar R1 da R2, amma maimakon ya sauka ƙasa kamar ɗan'uwansa, sai aka kai ɗaya ƙafarsa mafitar ofam. Wannan sauyin ƙafa guda shi ne dukan dabarar. A ɗaya ɓangaren kuma akwai rizisto biyu: RB daga mafita zuwa mashigar −, da RA daga mashigar − zuwa ƙasa. A kan TL072, rabin farko na aisin yana da mafita a ƙafa ta 1, mashigar − a ta 2, mashigar + a ta 3, sannan wuta tana shiga ta ƙafa ta 8 da ta 4.

Mu fara da ninki, don shi ya fi sauƙi. A mita ta ƙasa sosai, kafasito biyun sun turje har kamar babu su. Ofam kuma kusan ba ya jan wuta ta mashigarsa, saboda haka babu abin da ke raguwa a kan R1 da R2, duk abin da ya shigo yana isa mashigar + cif. Ofam yana da ɗabi'a ɗaya da ya kamata a riƙe: muddin an mayar da wani ɓangare na abin da ya fitar zuwa mashigar −, zai yi ta daidaita mafitarsa har sai mashigai biyun sun zo daidai. RB da RA suna raba boltej ɗin mafita, su miƙa wa mashigar − wani kaso. Don wannan kason ya yi daidai da abin da ya shigo, dole mafita ta fi shi girma. Daga nan aka samu:

K = 1 + RB / RA

Idan RA 10 kΩ ne, RB kuma 5.6 kΩ, K ya zama 1.56. Bolt ɗaya ya shiga, 1.56 ya fita. A desibel, wato 20 × log(1.56), kusan 3.9 dB ke nan. Lura cewa ninkin ba zai taɓa gaza 1 ba a wannan tsari, kuma sigina ba ta kifewa, yadda ta shiga haka take fita.

Sai mita. Cikakken lissafin shi ne:

f0 = 1 / (2π × √(R1 × R2 × C1 × C2))

Mafi yawan masu haɗawa suna sa rizisto biyun iri ɗaya, kafasito biyun ma iri ɗaya, sai lissafin ya taƙaita:

f0 = 1 / (2π × R × C)

A aikace ana fara zaɓen kafasito ne, domin girmansa kala kaɗan ne a kasuwa, rizisto kuwa ya fi yawan kala. A ce muna son yankewa a wajen 100 Hz kuma mun zaɓi 100 nF. Juya lissafin, R zai fito 15.9 kΩ. Akwai 16 kΩ, wanda zai ba da 99.5 Hz, amma 15 kΩ ya fi saurin samuwa, kuma kunne ba zai damu da bambancin ba. Da 15 kΩ, R sau C ya zama 0.0015, a ninka da 6.283 a samu 0.009425, a raba ɗaya da shi a samu 106 Hz. Wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe a nan shi ne sifili: kilo dubu ne, nano kuwa ɗaya cikin biliyan, saboda haka 100 nF shi ne 0.0000001 na farad. Wanda ya ɓatar da sifili guda zai haɗa matatar 1,060 Hz yana zaton ta wufa ce.

A nan littattafai da yawa suke tsayawa, su ce an samu mitar yankewa. Ba a samu ba tukuna. Abin da masana suka yarda a kira mitar yankewa shi ne inda boltej ɗin fita ya sauko zuwa 0.707 na abin da yake bayarwa a mita ta ƙasa, wato inda ƙarfin da ke isa lasifika ya ragu da rabi, abin da ake rubutawa −3 dB. Ita kuwa f0 mitar da'irar ce ta asali, cibiyar da lanƙwasar take kewayawa. Ko za su haɗu a wuri ɗaya ko ba za su haɗu ba, wannan ya dogara da lamba ta uku, wadda ake rubutawa Q, kuma ita ce ke faɗin kaifin lanƙwasar. Idan rizisto iri ɗaya ne, kafasito ma iri ɗaya:

Q = 1 / (3 − K)

Ga ninki ya shigo cikin maganar mita. Don a gane dalili, a koma ga C1, wanda ƙafarsa ke kan mafita. A mita ta ƙasa ya turje, babu abin da yake yi. A mita ta sama sosai mafitar ta riga ta yi shiru, kusan sifili, saboda haka C1 tamkar a ƙasa yake, yana zubar da sigina kamar kowane kafasito, kuma nan ne ake samun gangarar hawa biyu. A tsakiya ne, kusa da f0, abin yake faruwa: mafita tana da ƙarfi, C1 kuma ya fara buɗewa, sai ya dawo da wani ɓangare na abin da ya fita ya ƙara wa mai shigowa. Kamar mai tura yaro a lilo ne, yana turawa daidai lokacin da lilon ya juya. Turi kaɗan yana hana lilon mutuwa da wuri, turi mai yawa yana kai shi sama fiye da yadda aka so. Girman turin nan shi ne K. Lambar 3 da ke cikin lissafin kuwa ba daga sama ta faɗo ba, ita ce nauyin da hawa biyun suke ɗora wa juna. Sa sifili a madadin K, wato kamar an mayar da ƙafar C1 ƙasa, za ka samu Q na ɗaya bisa uku, wanda shi ne ainihin matatar nan mai sanyi da ta faɗi tun 40 Hz. Duk abin da aka ƙara wa K, ana zaftare wani abu daga wannan nauyi.

Daidai a kan f0, abin da ke fita shi ne K sau Q na abin da ya shiga. Saboda haka idan ana son f0 ta zama ita ce mitar yankewa, dole Q ya zama 0.707, wanda ke nufin K ya zama 1.586. Wannan shi ne tsarin da ake kira da sunan Stephen Butterworth, injiniyan Birtaniya da ya bayyana shi a 1930: sigina tana tafiya a shimfiɗe, babu tudu, har ta iso bakin gangara. Da RA na 10 kΩ ana bukatar RB na 5.86 kΩ. Namu na 5.6 kΩ ya ba da K na 1.56, Q kuma ya zama 1 a raba da 1.44, wato 0.694. Ya ɗan gaza 0.707, don haka ainihin yankewar ta ɗan matso ƙasa zuwa 104 Hz. Bambancin 2 Hz ba abin damuwa ba ne. Wannan lambar 5.6 kΩ da ake yawan gani a zanen da'irori, ba don ana son ninki 1.56 aka sa ta ba. An sa ta ne don siffar lanƙwasa, ninkin kuwa biyo baya ya yi.

Yanzu a bar 15 kΩ da 100 nF yadda suke, kada a taɓa su, a sauya RB kaɗai. Idan aka cire RA, aka haɗa mafita da mashigar − kai tsaye, K ya zama 1, Q ya zama 0.5, yankewar ta sauko 68 Hz, ko da yake lissafin f0 yana nan a 106 Hz. Idan aka sa RB na 10 kΩ, K ya zama 2, Q ya zama 1, yankewar ta haura 135 Hz, sannan ɗan tudu ya fito a wajen 75 Hz, inda sigina ta fi ta shimfiɗe da kashi 15 cikin ɗari. Idan aka kai RB 15 kΩ, K ya zama 2.5, Q ya zama 2, yanzu bolt ɗaya a 106 Hz yana fita bolt biyar, alhali a mita ta ƙasa biyu da rabi yake fita, yankewar kuma ta kai kusan 157 Hz. Rizisto guda, wanda ba ya ma cikin lissafin f0, ya ɗauki mitar yankewa daga 68 Hz ya kai ta 157 Hz.

A kunne, babban Q yana da alama da ba ta ɓuya. Duk ganga da aka buga, ko wace iri ce, sai wufa ta amsa da sauti guda, mai kumbura, mai jan wutsiya bayan bugun ya wuce. Wasu suna son haka don yana cika fili, amma ni a ganina ɓata kiɗa ne, domin makaɗi ya bambanta bugunsa, da'irar ta mayar da su abu ɗaya. Idan kuma K ya kai 3, wato RB ya ninka RA sau biyu, ƙasan lissafin ya zama sifili. Da'irar ta daina zama matata, ta koma injin ƙirƙirar sauti: ko babu abin da aka sa mata, za ta yi ta gurnani a kusa da f0 har iya ƙarfin wutarta. A gaban amfilifaya mai ƙarfi wannan na iya ƙona lasifika. Kuma ba sai an kai 3 da gangan ba. Wanda ya sa RB na 18 kΩ yana lissafin K na 2.8 da Q na 5. Amma rizisto mai zoben ruwan zinare yana iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari. Idan RB ya zo 18.9 kΩ, RA ya zo 9.5 kΩ, K ya kai 2.99, Q ya haura 90, saura ƙiris ta ɓarke. A 1.56 irin wannan kaucewar ba ta yin komai a zo a gani, kuma wannan wani dalili ne na zama a can.

To, mai son ƙarin ƙarfi fa? Kuskuren da aka fi yi ke nan: mai gyara ya ga sigina ta yi rauni, ya san RB ne ke ƙara ninki, sai ya sauya shi da babba, ko ma ya sa abin murɗawa a wurinsa. Hanyar da ta dace ita ce a bar matatar a 1.56, a yi ƙarin a wani hawa daban. TL072 ofam biyu ne a gida ɗaya, na biyun yana kan ƙafa ta 5 da ta 6 da ta 7, sau da yawa ma zaune yake ba aiki. Idan ana son jimillar ninki 10, sai a ba na biyun 6.4, tunda ninkin hawa biyu ninka su ake yi da juna. Wanda kuma ba ya son ninki ko kaɗan, yana iya barin K a 1, ya nemo Q daga kafasito. A wannan tsari, da rizisto iri ɗaya:

Q = 0.5 × √(C1 / C2)

Idan C1 ya ninka C2 sau biyu, Q ya zama 0.707. Sai a haɗa 100 nF guda biyu kafaɗa da kafaɗa su zama 200 nF a wurin C1, a bar guda a wurin C2. Da rizisto 10 kΩ cikakken lissafin yana ba da 112.5 Hz. A kula da wanda ya je ina: babban ne ke zuwa mafita. Idan aka juya su, Q zai faɗi zuwa 0.35, a koma gidan jiya. Mai son ya riƙa matsar da mitar da hannu kuma, abin murɗawa mai hawa biyu a sanda ɗaya zai sa, don R1 da R2 su riƙa sauyawa tare. Da 100 nF biyu, idan kowane ɓangare yana da 10 kΩ tsayayye da 10 kΩ mai murɗuwa, f0 za ta yi yawo tsakanin 159 Hz da 80 Hz, Q kuma bai motsa ba.

Lissafi a takarda abu ne, abin da ke kan allo abu ne daban, saboda haka sai an auna. Ana bukatar abin da zai ba da sauti mai mita guda, ko janaretan sigina ko wayar hannu mai manhajar yin haka, da maltimita a kan ma'aunin AC. An yi sa'a a nan, domin ƙananan maltimita sun fi faɗin gaskiya daga wajen mitar wutar gida zuwa 'yan ɗaruruwan Hz, wanda shi ne yankin da muke aiki. Abin da ake nema shi ne rabon fita da shiga, don haka a auna duka biyun a kowace mita, kada a ɗauka abin da wayar ke fitarwa bai sauya ba. A da'irarmu, idan bolt ɗaya ke shiga, a mita ta ƙasa za a ga 1.56 ko kusa da haka. Wannan shi ne K. A ninka shi da 0.707 a samu 1.10, sannan a yi ta ƙara mita a hankali har maltimita ta nuna 1.10. Inda ta nuna, nan ce mitar yankewa, kuma ya kamata ta faɗo kusa da 104 Hz. A 212 Hz za a ga kamar 0.375, a 1,060 Hz kuwa lissafi ya ce 0.016, ko da yake a can ƙaramar maltimita ta fara rasa gaskiya. Idan yayin hawa aka ga lambar ta haura 1.56 kafin ta fara sauka, akwai tudu, Q ya yi yawa, a duba RB da RA. Mai osiloskof yana da wata hanya mai kyau ta gano f0 kanta: a nan ne siginar fita take bin ta shiga a baya da rubu'in zagaye cif, wato digiri 90, ko nawa ne Q.

Idan awo ya saɓa wa lissafi, kafasito ne abin zargi na farko. Ƙananan na yumɓu masu araha suna iya kaucewa da kashi 20 cikin ɗari ko fiye, wasu kuma suna sauyawa da zafi, abin da ba wasa ba ne a cikin akwatin amfilifaya a watan Afrilu. Na leda, masu harafin J a jiki, kashi 5 ne iyakar kaucewarsu, masu K kuma kashi 10. Idan duka biyun suka kauce gefe guda, f0 ce ke matsawa. Idan suka kauce gefe daban-daban, abin ya fi wuyar ganewa: a ce C1 ya ƙaru da kashi 10, C2 ya ragu da kashi 10, f0 kusan ba ta motsa ba, amma Q ya tashi daga 0.69 zuwa 0.84, ɗan tudu ya bayyana ba tare da an taɓa RB ba. Shi ya sa ya fi kyau a auna kafasito da yawa a zaɓi biyu da suka yi kusa da juna, ko da dukansu sun ɗan kauce wa 100 nF.

Abin zargi na biyu shi ne abin da ke gaban matatar. Lissafin ya ɗauka cewa R1 shi kaɗai ne tsakanin tushen sigina da mahaɗa. Idan aka sa abin murɗa ƙara na 50 kΩ kai tsaye a gabanta, a tsakiyar murɗawa yana ƙara wa R1 har 12.5 kΩ, ya zama 27.5 kΩ, f0 ta sauko 78 Hz. Alamar ita ce launin sautin yana sauyawa yayin da ake ƙara ko rage ƙara. Maganinsa a sa ofam mai ninki 1 a tsakaninsu, ko a mayar da abin murɗawar bayan matata. Akwai kuma wata matsala da ke kama da wannan. Mashigar + tana bukatar hanyar da 'yar wutar DC za ta bi zuwa ƙasa, kuma ta R2 da R1 take samunta. Idan aka sa kafasito a bakin shiga don tare DC, aka manta da rizisto daga bayansa zuwa ƙasa, mafita za ta yi ta zamewa a hankali har ta manne da ɗaya gefen wutar, sautin ya shaƙe ko ya ɗauke bayan an kunna da ɗan lokaci. Maltimita a kan DC za ta nuna bolt da yawa a ƙafa ta 1, inda ya kamata a ga kusan sifili.

Ofam ɗin kansa ba ya cika zama matsala a mitar wufa. TL072 yana da faɗin aiki na wajen 3 MHz, wanda ya yi wa 106 Hz nisa ƙwarai, ko tsohon 741 ma zai iya. Iyakarsa a nan ita ce wutar da aka ba shi. Da bolt 12 sama da 12 ƙasa, mafitar ba ta cika wuce bolt 10 kowane gefe ba, don haka siginar da ƙololuwarta ta haura kamar 6.4 za ta fito da yankakken kai. Wannan yankewar tana haifar da ƙarar sama, kuma tunda a mafita take faruwa, bayan an gama tacewa, kai tsaye take wucewa lasifika. LM358 yana da arha kuma yana aiki da wuta mai gefe ɗaya, amma yana da 'yar gargada a inda sigina ke tsallaka sifili, shi ya sa ba a son shi a kayan sauti.

Abu ɗaya da wannan matata ba za ta taɓa yi ba shi ne kawar da gurnanin wutar gida. Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma bayan an miƙar da ita a cikin na'ura tana barin saura a 100 Hz. Dukansu biyu suna cikin yankin da matatar ke bari ya wuce, na 50 Hz ma har ninka shi za ta yi da 1.51 idan ta bakin shiga ya biyo. Idan wufa tana gurnani babu kiɗa, a cire wayar shiga, a haɗa bakin R1 da ƙasa. In gurnanin ya ɗauke, daga waje yake zuwa, a sa waya mai rigar kariya, a kuma duba haɗin ƙasa. In ya rage amma bai tafi ba, a duba manyan kafasito na ɓangaren wuta, a kuma sa 100 nF daga ƙafa ta 8 zuwa ƙasa da wani daga ƙafa ta 4 zuwa ƙasa, kusa da aisin. In kuwa yana nan da ƙarfinsa, maltimita kuma tana nuna bolt da yawa na AC a mafita, to da'irar ce ke ƙirƙirar sa da kanta, sai a ciro RB da RA a auna su ɗaya bayan ɗaya.